Kalamai Talatin, Baki Ɗaya: Yadda Ake Hana Gyara Ɓata Aiki

Da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, marubuta da yawa sukan zauna tsara gajerun kalaman hikima guda talatin, ɗaya don kowace rana ta azumi. Wasu a rediyo za a karanta su dab da buɗa-baki, wasu a kalanda za a buga, wasu kuma ɗalibai ne za su riƙa karantawa a taron safe na makaranta. Rubuta su a karon farko ba ya cika wuya, domin marubuci yana cikin yanayi guda, kunnensa kuma yana riƙe da amo guda. Wahalar tana zuwa ne bayan takardar ta bi hannu uku ko huɗu: malami ya duba, edita ya taɓa, mai gabatarwa ya ƙara nasa. Kowane gyara da hujjarsa, amma in aka jera kalaman daga na 1 zuwa na 30, sai a ji kamar mutane biyar ne ke magana.

Dalilin haka shi ne mai gyara kalami ɗaya yake kallo, alhali mai sauraro jerin duka yake ji. Aikin kamar ɗinkin anko ne: riga tana iya yin kyau ita kaɗai, amma in wuyanta ya saɓa da na sauran, ranar biki kowa zai gani.

Yadda kalami ke kumbura

Mu ɗauki misali. A rubutun farko, kalami na 17 ya ce: "Wanda ya biya bashin jiya, ya sayi barcin daren yau." Mai duba na farko ya ga "bashin jiya" bai fito fili ba, sai ya mai da shi "bashin da ake bin sa tun jiya". Na biyu ya ce ai ba a sayen barci, ya sa "samu barci mai daɗi". Na uku yana son a fuskanci mai sauraro kai tsaye, ya juya "wanda" ya koma "idan ka". Bayan zagaye uku ga abin da aka samu: "Idan ka biya bashin da ake bin ka tun jiya, to, lallai za ka samu barci mai daɗi a daren yau."

Ma'anar tana nan, amma abubuwa uku sun kauce. Tsawo ya tashi daga gaɓa 17 zuwa 31. Muryar ta bar zancen kowa da kowa ta koma nuna mutum ɗaya da yatsa, namiji kuwa. Sigar nahawu ta bar shuɗaɗɗen lokaci, wanda ke sa magana ta zama kamar hukuncin da aka riga aka yanke, ta koma lokaci mai zuwa, wanda alkawari ne kawai. Ba wanda ya yi niyyar haka. Kowa ya gyara abin da ke gabansa ne ba tare da abin gwadawa ba.

Takardar ma'auni

Maganin shi ne a rubuta ma'auni tun kafin gyara na farko, a shafi guda, a liƙa shi a gaban kundin. Ba daga ka ake ƙago shi ba. Ana zaɓen kalamai uku da suka fi zama daram a cikin talatin ɗin, a duba abin da ya haɗa su. A misalinmu, ban da na 17, ga biyu:

"Wanda ya ciyar da maƙwabci, ya gyara katangar gidansa."

"Wanda ya riƙe harshensa, ya huta da ban haƙuri."

Daga nan ma'aunin ya fito da kansa: kowane kalami rabi biyu ne, waƙafi a tsakani, rabin farko yana farawa da "wanda ya", rabi na biyu yana faɗin sakamako a shuɗaɗɗen lokaci, kowane rabi gaɓa bakwai ne zuwa tara, babu "to", babu "lallai", babu "domin". Duk mai son gyara, da wannan shafin za a miƙa masa kundin.

A lura cewa gaɓa ake ƙirgawa, ba kalma ba. Kalamin maƙwabci kalma tara ne, gaɓa 18. Na harshe shi ma kalma tara ne, amma gaɓa 16. Na bashi ya fi su kalmomi, guda goma, duk da haka bai kai na maƙwabci tsawo a baki ba. Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su "ya", "da" da "a", kuma wani ya rubuta "yakan" wani ya raba shi "ya kan", sai lissafin kalmomi ya canza alhali furuci bai canza ba. Gaɓa ita ce abin da numfashin mai karantawa ke ɗauka. Ana ƙirga ta da yatsu: wan-da-ya-ri-ƙe-har-shen-sa, takwas ke nan.

Wa ke magana, da wa?

Murya ta fi tsawo wuyar tsarewa, domin Hausa tana tilasta wa marubuci ya zaɓa. In ya ce "ka", ya bar mata a waje, ga shi kuwa su ne da yawa ke kusa da rediyo a lokacin haɗa abin buɗa-baki. In ya ce "ku", ya hau mumbari yana wa'azi. In ya ce "mu", ya shigar da kansa cikin masu buƙatar nasihar. In ya ce "a", kamar "a riƙe harshe", ya yi sanarwa. "Wanda ya" kuwa, ko da yake sigar namiji ce, kunnen Bahaushe ya saba ɗaukarta a matsayin kowa. Duk zaɓin nan halal ne. Abin da ba ya kyau shi ne a yi "ka" ranar Litinin, "mu" ranar Talata.

Idan kuwa aka yanke shawarar sauya murya bayan an yi nisa, a sani ba kalma ɗaya za a taɓa ba. A mai da kalamin harshe jam'i a gani: "Waɗanda suka riƙe harshensu, sun huta da ban haƙuri." Wuri huɗu ne suka canza: "wanda" ya zama "waɗanda", "ya" na farko ya zama "suka", "harshensa" ya zama "harshensu", "ya" na biyu ya zama "sun". Mai gaggawa yakan gyara uku ya manta da ɗaya, sai a sami "waɗanda suka riƙe harshensa". Ga kuma rabin farko ya tashi daga gaɓa takwas zuwa goma, ya tsallake ma'auni. Sauyin murya yana jan sauyin tsawo, don haka in an taɓa ɗaya sai a sake auna ɗayan.

Tarkon da rubutu ke ɓoyewa

Misalin jam'in nan ya tona wani abu. "Ya" biyun da ke cikin kalamin iri ɗaya ne a takarda, amma a baki daban suke: na farko gajere ne, na biyu ana jan sa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa ido ba ya kama bambancin. Akwai ma "ya" na uku, na umarni, gajere mai sauti ƙasa. In mai gyara ya rubuta "Wanda ya ci bashi, ya biya kafin salla", a takarda ya bi ma'auni sak, amma wannan umarni ne, ba sakamako ba. Ya shigo jerin da rigar aro.

Hanyar gane shi mai sauƙi ce: a juya rabi na biyu zuwa jam'i a zuci. In "sun" ya zauna, kalamin yana kan ma'auni. In "su" ne ya zauna, kamar "su biya kafin salla", to umarni ne, sai a sake gina shi. Kalamai talatin ba za su ci minti goma a wannan gwaji ba.

Gyara a tsaye, ba a kwance ba

Bayan kowane zagayen gyara, a zana jadawali mai layi talatin. A jere na farko lambar kalami, sannan kalmar farawa, gaɓoɓin rabin farko, gaɓoɓin rabi na biyu, wakilin suna, lokaci, da jigo. Sai a duba jere ɗaya daga sama har ƙasa kafin a koma na gaba. Idon da ke neman abu ɗaya ba ya ɓata: "idan" guda a tsakiyar "wanda" ashirin da tara zai fito fili, haka 15 a cikin takwas da tara. Jeren jigo kuma yana nuna in gyare-gyare sun mai da kalamai huɗu duk kan haƙuri.

A ƙara zagaye ɗaya don karin harshe da ƙa'idar rubutu. Mai gyara Basakkwace yana iya shigo da "shina" inda sauran ke da "yana". Wanda ya yi karatu a Nijar zai rubuta "ƴa" inda na Najeriya ke rubuta "'ya". A zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Daga ƙarshe mutum ɗaya ne zai riƙe kwafin asali mai kwanan wata, sauran su ba da shawara a gefen takarda, shi ya shigar. Sannan a ba wani da bai taɓa ganin kalaman ba ya karanta su da ƙarfi, a hargitse ba a jere ba. Inda ya yi tuntuɓe ko ya ja numfashi sau biyu, a sa alama.

Inda ma'auni ya tsaya

"Wanda ya" sau talatin yana iya gundurar mai sauraro. Ana magance wannan da siga ta biyu da aka yarda da ita tun farko, misali ta korewa: "Wanda bai shuka alheri ba, bai san ranar girbi ba." A ba ta gurbi sananne, kamar ƙarshen kowace goma, domin a ji da gangan aka yi. A kula da "ba" na ƙarshe, don shi ne yakan faɗi in ana rage tsawo.

Akwai kuma abin da ba a yanka don ya shiga ma'auni. Karin maganar da aka gada, balle fassarar aya ko hadisi, ba mallakar marubuci ba ne. Ko a kawo su yadda suke a wani sashe daban, ko a bar su. Haka kalamin da aka yi ta matsawa har ma'anarsa ta fara karkacewa, gara a cire shi. Shi ya sa ake rubuta talatin da biyar tun farko, biyar su zauna a ajiye, su ma a kan ma'auni, don kada a cike gurbi da kalamin da aka ƙaga a daren ƙarshe.

Wanda ke tsara na azumi kuma ya tuna wata yana iya tsayawa a kwana 29. Kada ya ajiye kalamin da ya fi so a lamba ta 30, kada kuma ya sa na 29 ya dogara da na bayansa. Kowane ɗaya daga cikin biyun ya zama zai iya rufe jerin, a kan sigar da aka buɗe shi da ita.