Wasiƙar Barka Daga Malami: Abin Da Ya Kamata Ɗalibin Da Ya Samu Gurbi A Waje Ya Ji

Idan labari ya zo cewa yaro ko yarinya sun samu gurbin karatu a wata jami'a ta ƙasar waje, saƙonnin barka sukan cika waya kafin la'asar. Kawu zai yi addu'a, abokai su fara tsokanar tsaraba, maƙwabta su shigo yi wa uwa murna. Duk wannan daidai ne, amma kusan babu wanda ya zauna ya karanta takardar da jami'ar ta aiko daga farko zuwa ƙarshe. A nan wasiƙar malami take bambanta da sauran. Malami ya san ɗalibin a aji, ya san ƙarfinsa da rauninsa, kuma sau da yawa shi ne ya rubuta masa takardar shaida lokacin neman gurbin. Saboda haka shi ne ya fi cancanta ya yi murna da hujja, sannan ya faɗi abin da masu guɗa ba za su faɗa ba: samun gurbi daban, isa aji daban.

Wasiƙa irin wannan takan fara da yabo, amma yabon da ya dogara da abin da malami ya gani da idonsa. Kowa zai iya cewa "kina da ƙoƙari". Malami kuwa zai iya tuna wa ɗaliba cewa ita ce ta sake aikin bincikenta na shekarar ƙarshe bayan an dawo mata da shi, ba ta yi fushi ba. Irin wannan yabon yana da amfani daga baya, domin ranar da karatu ya yi zafi a can, ɗaliba za ta tuna cewa akwai wani hali nata da aka taɓa gwadawa kuma ya yi aiki. Akwai kuma wani dalili. A gidajenmu wasiƙar malami ba ta tsayawa hannun mutum ɗaya. Uba zai karanta, wani lokaci a kai wa ɗan'uwa mai hali ko wani babba da ake fatan ya taimaka. Kalmar malami shaida ce, don haka kada ya rubuta abin da ba zai iya maimaitawa a gabansu ba.

Ga misalin yadda farkon irin wannan wasiƙa zai iya kasancewa, daga malamin jami'a zuwa ga ɗalibarsa da ta samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'ar Birtaniya da ke wajen Landan:

"Zuwa ga 'yata kuma ɗalibata. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da Baba da Mama, na samu labarin gurbin da Allah ya ba ki, na kuma yi farin ciki ƙwarai. Ban yi mamaki ba, domin na ga yadda kika riƙe aikinki na ƙarshe har ya tsaya da ƙafafunsa. Allah ya sanya albarka. Sai dai na karanta takardar da kika turo mini, kuma akwai abubuwa uku da nake so mu daidaita kafin a fara sallama da dangi."

Abu na farko shi ne irin gurbin. Jami'o'in Birtaniya suna ba da tayi iri biyu: mai sharaɗi da marar sharaɗi. Mai sharaɗi yana nufin an yarda da ɗalibi idan ya cika wani abu da ya rage, kamar kawo cikakken sakamakon karatunsa daga jami'ar da ya gama, ko samun wani maki a jarrabawar Turanci irin IELTS. Yawancin takardun farko irin wannan ne, kuma sharuɗɗan suna rubuce ƙarara, sau da yawa a shafi na biyu da murna ba ta bari a buɗe. Ko tayin ya zama marar sharaɗi, ba shi ake kaiwa neman biza ba. Sai jami'a ta fitar da wata lamba da ake kira CAS, wadda ke tabbatar wa hukumar shige da fice cewa ta karɓi ɗalibin, kuma jami'o'i da yawa ba sa fitar da ita sai an biya wani kaso na kuɗin makaranta. Malamin da ya san haka zai tambayi ɗalibarsa kai tsaye: wane sharaɗi ya rage, kuma wace rana ce ta ƙarshe? Idan abin da ya rage sakamakon karatu ne daga jami'ar gida, to a nan malami zai iya taimakawa da kansa, domin ya san ofishin da takarda take kwana.

Abu na biyu kuɗi ne, kuma nan ne ya kamata wasiƙar ta fi daɗewa. Mutane da yawa suna ɗaukar gurbi da tallafin karatu abu ɗaya ne. Idan takarda ba ta ambaci tallafi ba, to babu shi. Hukumar Birtaniya tana so ɗalibi ya nuna yana da ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata tara. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, an sa kuɗin zama a wajen Landan fam 1,136 a wata, wato fam 10,224 na wata tara. Adadin yana ƙaruwa lokaci zuwa lokaci, don haka a duba na ranar da za a nema. Mu ɗauka kuɗin makarantar ɗalibarmu fam 16,000 ne, an biya 4,000, saura 12,000. Ke nan a bisa adadin wancan lokacin dole a nuna fam 22,224. Idan aka yi lissafi a kan naira 2,000 kowane fam, kuɗin ya haura naira miliyan 44. Wannan ban da kuɗin biza, da kuɗin jirgi, da harajin kiwon lafiya da aka mayar fam 776 a shekara ga ɗalibai tun Fabrairun 2024.

Nuna kuɗin ma yana da tasa ƙa'ida. Dole su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun gaza adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya. A nan ake yawan tuntuɓe. Uba ɗan kasuwa ya tara kuɗin a asusunsa, a rana ta ashirin kaya suka iso, ya cire wani abu da niyyar mayarwa gobe. Ya mayar ɗin, amma lissafin kwanakin ya koma farko. Kuma asusun da ake karɓa na ɗalibi ne ko na iyayensa ko na wanda doka ta ba riƙonsa. Na kawu ko na maigidan uba ba ya shiga, komai kyawun niyyarsu. Jimla biyu a wasiƙar malami za su iya hana wannan asara.

Ya kamata kuma malami ya kashe wani zato tun da wuri, wato cewa idan an isa za a yi aiki a biya sauran. Ɗalibin digiri a Birtaniya an yarda ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. Wannan zai iya rage nauyin abinci da haya, amma ba zai biya kuɗin makaranta ba. An ga abin da ke faruwa idan lissafi ya karye. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, kuɗin da iyalai suka tanada ya narke a hannunsu. A Mayun 2024 aka ba da labarin wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa biya a kan lokaci, har aka umarce su da barin ƙasar. Malami ba zai kawo wannan don ya tsorata ɗaliba ba. Zai kawo shi don iyali su zauna su amsa tambaya ɗaya: kuɗin zango na biyu daga ina za su fito? Idan babu amsa, jami'o'i da dama sukan yarda a ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa idan an nema a rubuce, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Abu na uku lokaci ne. Idan karatu zai fara a Satumba, a yi lissafi daga baya zuwa gaba. Amsar biza takan ɗauki kimanin mako uku, kuma lokacin damina layi yana da tsawo domin kowa a lokacin yake nema. Kafin nan akwai kwana 28 na asusu. Akwai gwajin tarin fuka, wanda ake yi a asibitocin da aka amince da su kawai, irin na hukumar IOM a Abuja da Legas, kuma takardarsa wata shida take aiki. A duba fasfo ma tun yanzu, a tabbatar sunan da ke cikinsa ya yi daidai da na takardun makaranta. Wannan ya shafe mu sosai, domin mutum ɗaya zai iya zama Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko a sa sunan gari a nan a bar shi a can. Wanda yake so ya zauna a aji a Satumba, ya kamata kuɗinsa su kwanta a asusu tun watan Yuni. Idan ɗalibar matar aure ce, malami ya sanar da ita cewa tun Janairun 2024 masu digiri na biyu na darasi ba sa iya tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan magana ce da ya kamata a yi a gida kafin a biya ko sisi.

Akwai abubuwan da wasiƙa mai kyau take bari. Ba ta ɗora wa ɗalibi cewa shi ne zai fitar da dangi daga talauci, domin wanda aka ɗora wa wannan kaya yakan ɓoye matsalarsa idan ta taso, har ta fi ƙarfin gyara. Ba ta yin alkawarin da malami ba zai cika ba. Nasiha kan addini da tarbiyya tana da wurinta, amma layi biyu daga malamin da ake girmamawa sun isa. Iyaye za su yi sauran. Abin da ya fi amfani shi ne a gaya wa ɗaliba abin da zai ba ta mamaki a aji: a can ana so ta yi wa malami tambaya har ta saɓa masa da hujja, kuma kwafe rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da zai iya jawo kora.

Wasiƙar tana iya rufewa kamar haka:

"Ki nuna wa Baba wannan takarda, ku yi lissafin tare. Ki aiko mini da sharuɗɗan da suka rage da ranakunsu kafin ƙarshen mako, ni kuma zan bi maganar sakamakonki a nan. Idan lissafi bai kai ba bana, ki gaya mini ba tare da jin nauyi ba, mu nemi a ɗage. Allah ya sa a je a sa'a, a dawo da ilimi mai amfani. Ki gaishe da mutanen gida. Naki, Malaminki."

Duka wasiƙar ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya da rabi, kuma a aika ta cikin makon da labari ya zo, tun ba a sayar da fili ko an ci bashi a kan gurbin da sharuɗɗansa ba su cika ba.