Talla Dubu Nawa Ne, Kuma Nawa Suka Kai Gaban Ido?

Duk sanda ka buɗe shafin labarai a wayarka, kafin rubutun ya gama fitowa an riga an yi gwanjon gurbin tallan da ke jikinsa. Na'urori ne ke taya farashi a madadin masu talla, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ba a lissafin kuɗin ɗaya-ɗaya, dubu-dubu ake yi. Abin da ake rubutawa CPM a rahoto ke nan: kuɗin da aka biya don a saki talla sau dubu.

Sai dai sakin talla daban, isarsa gaban ido daban. Ana iya loda shi can ƙasan shafi, mai karatu ya rufe bai gangara wurin ba, kuma an ci kuɗin. Shi ya sa a 2014 hukumar MRC ta Amurka ta kafa ma'auni: ana ƙirga tallan hoto cikin waɗanda suka bayyana idan aƙalla rabinsa ya tsaya a fuskar waya ko kwamfuta na daƙiƙa ɗaya cur. Bidiyo kuwa daƙiƙa biyu.

A ce mai sayar da atamfa ta ware naira 100,000 ga kowane ɗaya cikin shafuka biyu. Na farko CPM ɗinsa naira 500 ne, don haka ta samu saki 200,000. Na biyu naira 1,000, ta samu 100,000. Kowa zai ce na farko ya fi araha. To amma rahoto ya nuna kashi 25 cikin ɗari ne kawai suka bayyana a na farko, wato 50,000. A na biyu kashi 80, wato 80,000. Raba kuɗin da waɗannan: dubun da ya bayyana ya tsaya mata a naira 2,000 a shafin mai araha, naira 1,250 a mai tsada. Ashe arahar ce ta fi cin aljihu. Wannan farashi na biyu shi ake kira vCPM, kuma ni shi nake fara dubawa.

Akwai tarko a cikin kason kansa. Ba daga dukan sakin ake fitar da shi ba, daga wanda aka iya aunawa ne, layin da ake rubuta Measurable. Idan rabi kaɗai aka auna, kashi 80 ɗin labarin rabin ne kawai.

Kason da ya yi kyau fiye da kima ma abin tuhuma ne. Tallan da ke manne a gindin waya yana sauya kansa a kai a kai zai kusan cinye maki duka, haka ma shafin da manhajojin bogi ke buɗewa suna kwaikwayon mutane. Ma'aunin yana shaida cewa talla ya samu damar a gan shi, ba ya rantsuwa cewa wani ya kalla. Idan kason ya haura 90 amma ba mai shiga shafin atamfar ya daɗe, balle ya tambayi farashi, sai ta nemi jerin shafukan da tallan ya fita, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a wayarta.