A Buga Ko A Rufa Asiri: Yadda Ake Gina Gajeren Labarin Ɗan Jarida Da Majiyarsa

Daga cikin jigogin da suka dace da gajeren labari akwai na matashin ɗan jarida da ya samu zazzafan labarin da babu wanda ya riga shi, sai kuma mutumin da ya tsegunta masa ya tsorata ya ce a fasa. Jigon ya dace ne domin yana da duk abin da gajeren labari ke buƙata: mutane kaɗan, lokaci ƙurarre, da shawara guda wadda dole a yanke kafin gari ya waye. Gasa irin ta Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta koya wa marubutanmu cewa a fili ƙarami ba a tara jama'a, matsala ɗaya ake kamawa a bi ta har ƙarshe.

Sai dai yawancin masu ɗaukar wannan jigo sukan ɗauka cewa idan aka sakaya sunan majiya, aka rubuta "wata majiya mai tushe ta shaida mana", magana ta ƙare. A aikin jarida na gaskiya ba kasafai suna ke tona asirin majiya ba. Abin da ke tona shi shi ne bayanin da aka buga, domin wanda aka fallasa zai zauna ya tambayi kansa: su wa suka san wannan magana? Idan mutum uku ne, to an ambaci sunan majiyar ko da ba a rubuta shi ba. A nan ƙarfin labarin yake.

Bari mu gina misali. A ce tauraruwarmu Hadiza ce, wata shida ke nan da fara aikinta a wata jaridar intanet, har yanzu sanarwar manema labarai ake ba ta ta gyara. Wani dattijo mai kula da sito a wata hukumar gwamnati, abokin marigayi mahaifinta, ya ba ta hoton takardar fitar da kaya. Takardar ta nuna buhu 600 na takin zamani sun shigo don manoma, an raba 200, sauran 400 an loda su a mota da daddare da sa hannun shugaban hukumar. Edita ya gani ya yi murna, ya ce gobe da safe za a saki labarin, ga damina ta kankama, ga kuma raɗe-raɗin cewa wata jarida ta fara shinshino maganar. Da misalin ƙarfe goma na dare wayarta ta yi ƙara.

"'Yata, don girman Allah ki bar maganar nan. Yau an kira mu ofis an tambayi wanda yake riƙe da kwafin takardun."

"Baba, ai na yi muku alkawari ba zan sa sunanku ba."

"Sunana me? Takardar nan kwafi uku ce. Ɗaya tana wurin shugaba, ɗaya wurin akanta, kuma akanta ƙanen matarsa ne. Saura shekara biyu in yi ritaya, 'yata."

Wannan 'yar hira ta gama aikin da shafi biyu na bayani ba zai yi ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa, ya ga cewa alkawarin Hadiza ba ya kare kowa. Ya kuma ga cewa riba da asara ba a wuri ɗaya za su sauka ba: idan labarin ya fita, ita za ta yi suna, shi kuma fanshonsa ne a kan siraɗi. Marubucin da bai nuna wannan rashin daidaito ba, ya bar tauraruwarsa tana kukan abin da ba ita za ta biya kuɗinsa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙirƙira ce kawai. A 2017 wata matashiya a Amurka, Reality Winner, mai aikin kwantiragi da hukumar tsaro ta NSA, ta aika wa jaridar The Intercept wata takardar sirri kan yunƙurin Rasha na kutse a harkar zaɓen Amurka. Ba ta sa sunanta ba. Jaridar, don ta tabbatar da ingancin takardar, ta nuna wa gwamnati kwafinta. Masu bincike suka lura da alamar ninki a jikin shafukan, wato an buga ta ne a firinta aka naɗe aka fita da ita. Suka duba, suka ga mutum shida ne suka buga ta, kuma a cikinsu ita ce ta taɓa musayar saƙon imel da jaridar daga kwamfutar ofis. An kama ta tun kafin labarin ya fito, kuma a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar da wata uku. Babu ɗan jaridar da ya furta sunanta.

Abin lura a nan shi ne, matakin da ya jefa ta cikin haɗari mataki ne da aikin jarida ya wajabta, wato jin ta bakin wanda ake zargi. Haka ya faru da Bill Goodwin a Birtaniya a 1989, yana sabon shiga a mujallar The Engineer. Wani ya kira shi ya ba shi bayani kan matsalar kuɗi ta wani kamfani mai suna Tetra. Ya buga wa kamfanin waya don ya tabbatar, kamfanin ya garzaya kotu, aka hana buga labarin, aka kuma umarce shi ya miƙa takardunsa don a gano majiyar. Ya ƙi, aka ci shi tarar fam 5,000. Sai a 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi. Marubuci zai iya cin moriyar wannan: wataƙila kiran da Hadiza ta yi wa shugaban hukumar da rana, bisa ƙa'ida, shi ne ya jawo tambayar da aka yi wa Baba da yamma. Ta yi daidai, kuma daidan nata ne ya cutar da shi. Labari ya fi daɗi a haka fiye da a ce wani mugu ne ya kai gulma.

Kuskure na biyu shi ne a mai da editan azzalumi. Idan edita mugu ne, babu sauran ruɗani, mai karatu ya san gefen da zai bi tun daga shafin farko. A ba shi hujja mai nauyi. Zai iya cewa manoma ɗari huɗu suna jiran buhu ɗai-ɗai, kuma takin da ya zo bayan masara ta wuce lokacinsa ba shi da amfani. Zai iya cewa idan wata jaridar ta riga su, za ta buga ba tare da ta damu da Baba ba, a yi biyu babu. Zai iya cewa takardar ta jama'a ce, ba ta mai sito ba. Duka gaskiya ne. Sai an sa gaskiya biyu sun yi karo sannan mai karatu zai kasa ajiye labarin.

Akwai kuma abin da doka da ƙa'idar aiki suka ce, kuma ya kamata marubuci ya sani ko da ba zai zuba shi a bakin taurarinsa ba. Kundin ɗa'ar aikin jarida na Nijeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana ɗan jarida bayyana majiyar da ta ba shi bayani bisa amana. Tarihi ma ya nuna an biya farashin wannan amana: a 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda kan rahotannin naɗin jakadu, kuma ba su faɗi wanda ya ba su labarin ba. Amma ka lura, duk wannan yana magana ne kan ƙin faɗin suna. Ba ya gaya wa Hadiza abin da za ta yi idan majiya ta ba da bayani da rana ta janye da dare. Wannan giɓin shi ne filin marubuci.

To me ɗan jarida mai gogewa yake yi a irin wannan hali? Yakan mai da takardar jagora, ba hujjar da za a wallafa ba. Ba zai buga hotonta ba, ba zai ambaci lambarta ko ainihin adadin da ke ciki ba, tunda adadin kansa shaida ne cewa an ga takardar. Zai je ƙauyukan da aka ce an raba wa taki ya tambayi manoma buhu nawa suka samu. Zai nemi 'yan dakon da suka yi lodi da direban motar. Zai leƙa kasuwa ya ga ko ana sayar da buhunan masu tambarin gwamnati. Zai iya rubuta wa hukumar takardar neman bayani ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ko da yake kowa ya san ba kullum ake amsawa ba. Manufar ita ce a faɗaɗa da'irar waɗanda za a iya zargi, daga mutum uku zuwa mutum hamsin.

Wannan hanya ba kyauta ba ce, kuma marubuci kada ya mai da ita ƙofar tsira mai sauƙi. Tana cin kwanaki. Labarin da zai fito ba zai kai na farko kaifi ba, domin babu sa hannun shugaba a ciki. Wata jarida za ta iya riga su. Edita zai iya karɓe labarin ya ba wani babba, tunda hoton takardar yana wayarsa shi ma. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ne wurin da ya fi dacewa da matashiya: ta yi alkawarin da ba ita kaɗai ke da ikon cika shi ba, domin ta tura wa edita hoton tun kafin ta tambayi Baba kwafi nawa ne.

Game da rufe labarin, ƙarshe biyu ne suka fi yawa kuma duka ba su gamsarwa. Na farko, ta buga, a kama shugaba, a ƙara wa Baba girma, kowa ya yi farin ciki. Na biyu, ta buga, Baba ya mutu, ta yi nadama har abada. Na farkon ya raina hankalin mai karatun da ya san yadda ofisoshinmu suke. Na biyun kuwa hukunci ne marubuci ya yanke wa tauraruwarsa don ya huta da tunani. Wanda ya fi su shi ne a tsaya inda ta yanke shawara, a nuna abu ɗaya da ta rasa a dalilinta. Idan ta jinkirta, mu ga labarin a wata jarida da sunan wani, mu ga manomin da bai samu taki ba. Idan ta buga, mu ga an mai da Baba wani ofishi mai nisa ba tare da an faɗi dalili ba, yana kuma amsa gaisuwarta a taƙaice. Marubucin da ya bar Hadiza ta fita ba tare da ta yi asarar komai ba, bai rubuta wannan labarin ba tukuna, ya koma ya sake zama.