Gishiri da bcrypt: shirin yana da inganci?

Wani mai rubuta manhaja ya tsara yadda zai adana kalmomin sirrin masu shiga shafinsa: zai haɗa kowace kalma da gishiri, wato baƙaƙen da aka zaɓa barkatai, ya niƙa su da bcrypt, ya ajiye sakamakon kawai. A ganina shirin yana kan hanya, amma da gyara.

Niƙan ba ya komawa baya. Idan Ladi ta dawo shiga, sai a sake niƙa abin da ta rubuta, a kwatanta da na ajiye. Gishirin kuwa yana sa mutum biyu masu kalma ɗaya su sami sakamako daban, don haka ɓarawon da ya sace rumbun bayanai dole ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai bcrypt, wanda Niels Provos da David Mazières suka gabatar a 1999, da kansa yake samar da gishirin, ya saka shi cikin baƙaƙe 60 da yake fitarwa. Ba sai an ɓoye shi ba, ba kuma sai an haɗa wani da hannu ba.

Inda aka fi sakaci shi ne lambar nauyi. A `$2b$12$`, 12 ɗin nan ce. Ƙara ɗaya yana ninka aikin sau biyu. Idan ka duba rumbunka ka ga `04`, ɓarawo zai yi ta gwaji cikin sauƙi, ka ɗaga ta zuwa 10 ko fiye. Sannan bcrypt ba ya duba abin da ya wuce bayit 72, kuma ba zai ceci wanda ya zaɓi `123456` ba.