Ƙoƙon Bara ko Kiran Gayya?

Da famfon rijiyar burtsatsen unguwarmu ya ƙone karo na biyu, sai kwamitin masallaci ya rubuta takardar neman gudunmawa. Aka kawo mini ita bayan sallar isha'i, wai in duba rubutun kafin a kai a buga. Shafi guda ce cif, kuma duk wanda ya zauna a Kano ya taɓa cin karo da irinta.

Bayan doguwar gaisuwa, ga abin da ta ƙunsa: "Muna miƙa ƙoƙon bararmu ga masu hannu da shuni, don Allah don Annabi a dubi halin ƙaƙa-ni-ka-yi da bayin Allah suke ciki. A taimaka da abin da Allah ya hore, komai ƙanƙantarsa, zakka ko sadaka." Daga nan sai addu'o'i har ƙasan shafi, sai lambar asusun ma'aji, wadda tasa ce ta ƙashin kansa.

Na karanta sau biyu ban ga inda aka ce famfo ne ya lalace ba. Kalmar "ruwa" sau ɗaya ta fito. Ba a faɗi nawa ake nema ba, balle ranar da za a rufe karɓa. Attajirin da takardar za ta je hannunsa a Kantin Kwari yana karɓar irinta kusan kowace Juma'a, kuma ya san amsarta: ya zaro dubu biyu ya miƙa, a yi masa addu'a, a rabu lafiya. Wanda ya ce komai ƙanƙantarsa, ai shi ya yanka wa kansa farashi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙoƙon barar nan, don ba gaskiya ba ne. Gidaje 62 sun riga sun ba da naira dubu biyar-biyar, an tara 310,000, amma takardar ba ta ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Mutanen da suka fara sa hannu a aljihunsu ba mabarata ba ne. Abin da suke yi ya fi kusa da gayya, kuma mai kiran gayya ba ya kuka. Yana faɗin gonar da za a nome da ranar da za a fito, kowa ya zo da fartanyarsa, don an san gobe shi ma zai je ta wani.

Washegari na sami mai unguwa da wannan magana. Bai ji daɗi ba da farko.

"Ɗana, mai nema ai shi ke ƙasƙantar da kai. In ka cire roƙon, sai a ce muna ba mutane umarni."

"Ranka ya daɗe, ladabin yana nan, sallama da addu'a ba za su fita ba. Amma mutum in zai ba da dubu ɗari, so yake ya san me za ta saya."

Ya yi shiru, sannan ya sa aka kira mai gyaran. A nan aikin ya fara, domin sai da muka zauna da shi muka gane cewa mu kanmu ba mu san abin da muke nema ba. Ya bayyana cewa wutar da ake kawowa ba ta da ƙarfi, famfon yana ta ja da ƙyar har wayar cikinsa ta yi zafi ta ƙone. In aka sake naɗe shi aka mayar, hakan za ta sake faruwa. Shawararsa a koma famfo mai aiki da hasken rana. Muka ce ya rubuto kuɗin kowane abu daban, muka kuma aika yaro kasuwar Sabon Gari ya tambayo farashi a shago biyu, don kada lissafin ya zama na bakin mutum ɗaya.

Ga yadda sabuwar takardar ta fito:

"Assalamu alaikum. Rijiyar burtsatsen da ke jikin masallacinmu, wadda gidaje kusan 90 ke ɗiban ruwa a cikinta, ta tsaya mako uku ke nan saboda famfonta ya ƙone. Mun yanke shawarar mayar da ita kan hasken rana. Famfo naira 380,000. Farantan sola uku, kowanne 110,000. Waya da bututu da igiya 95,000. Ladan mai aiki 60,000. Jimla 865,000. Mazauna unguwa sun tara 310,000, saura 555,000. Muna gayyatarku ku sa hannu a wannan aiki kafin ƙarshen Sha'aban, don ruwa ya dawo kafin azumi. Mai so yana iya sayen kayan da kansa ya kawo. Za a liƙa lissafin abin da ya shigo da rasiɗan abin da aka kashe a bangon masallaci kowace Juma'a. In kuɗi ya yi rara, zai shiga asusun gyara. Allah ya saka da alheri."

Kalmar zakka mun cire ta, kuma liman ne ya fara nuna haka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na waɗanda ake bai wa zakka, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina masallaci ko rijiya da ita. Aikin ruwa sadaka ce mai gudana, irin wadda Sayyidina Usman ya yi da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Takardar da ta haɗa biyun tana iya sa mutum ya ɗauka ya sauke farali alhali bai sauke ba.

Lambar asusun ma'aji ita ma ta fita, ba don ana zarginsa ba. Shi da kansa ya yi hamdala, ya ce ya gaji da kallon da ake masa duk ranar da ya ɗinka sabuwar riga. Aka buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Wani matashi ya kawo shawarar a sa hoton yara ɗauke da jarkoki. Mai unguwa ya ce 'ya'yan mutane ne, ba kayan talla ba. Aka sa hoton ƙonannen famfon a madadinsa.

Faɗin adadi yana da nasa haɗarin, kuma mun ɗanɗana. Farashin kayan sola yana bin dala, mu kuwa mun manta ba mu rubuta ranar da aka yi kiyasin ba. Kafin kuɗin ya haɗu kowane faranti ya ƙara dubu goma, sai ga masu cewa ai 865,000 kuka ce. Da mun ƙara layi ɗaya cewa farashin na wannan makon ne kuma yana iya motsawa, da ba a yi wannan gunaguni ba.

Sha'aban ya ƙare da giɓin naira 70,000, har da ƙarin farashin. Wani ɗan kasuwa ya sayi faranti ɗaya ya aiko da shi a a-daidaita-sahu tare da rasiɗinsa. Wata hajiya ta ce ita ladan mai aiki za ta biya, kada a ambaci sunanta. Takarda ta biyu layi uku ce kawai: abin da ya shigo, abin da aka saya, da abin da ya rage. Aka liƙa ta kusa da ta farko ranar Juma'a, ruwa ya dawo ran huɗu ga azumi, kuma tun daga lokacin kowace jarka naira ashirin ce, ana zubawa a asusun gyara.